Girman tankin ruwan zafi da layin dawowa a ginin kwantar da marasa lafiya

Tambaya: "Ina duba zanen wani gini mai sassa huɗu na kwantar da marasa lafiya, gado 30 a kowane sashe. Ɗan kwangila ya kawo tanki ɗaya mai cin lita 5,000 da hita mai kilowat 30, ya ce yawan ajiya shi ne kwanciyar hankali, injin zagaya ruwa kuwa ya zaɓe shi bisa faɗin bututu kawai. Yaya ake fitar da girman waɗannan abubuwa, kuma wane zafi ya kamata in nema saboda lijiyonela?"

Injiniya, shawarata ita ce kada ka sa hannu a kan wannan zane yadda yake. A asibiti ana fara tsayar da zafin da ruwa zai riƙe a kowane wuri, sannan a fitar da girman tanki da na inji daga wannan zafin, shi kuwa ɗan kwangilarka ya fara da girman tanki ya bar zafi ya zo yadda ya ga dama.

Ƙwayar lijiyonela, wadda ke haddasa ciwon huhu mai tsanani, tana hayayyafa a ruwan da zafinsa yake tsakanin digiri 20 da 45 a ma'aunin Salshiyas, kuma ta fi jin daɗi a kusa da zafin jikin mutum. Ƙasa da 20 ba ta mutuwa, kwanciya kawai take yi. A digiri 50 tana mutuwa amma a hankali, domin sai an yi fiye da awa ɗaya kafin kashi 90 cikin ɗari su mutu, alhali a digiri 60 kamar minti biyu ya isa, a 70 kuwa kusan nan take ne. Mutum yana kamuwa ne idan ya shaƙi feshin ruwa mai ɗauke da ita, musamman a shawa, ko kuma idan ruwa ya sarƙe shi ya shiga huhu, kuma tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki, wato ainihin mutanen da ke kwance a gadajenka 120, su ne suka fi saurin kamuwa. Daga nan ƙa'idojin suka samo asali. Ƙa'idar asibitocin Ingila mai suna HTM 04-01 tana neman ruwa ya fita daga tanki a kan digiri 60 ko fiye, ya kuma kai digiri 55 a bakin famfo ko a mashigar bawul mai gauraya zafi da sanyi cikin minti ɗaya, ruwan sanyi kuma ya zauna ƙasa da 20. Ta Jamus mai suna DVGW W 551 ta faɗi kusan abu ɗaya ta wata fuska: a fita a kan 60, kuma kada zafi ya ragu da fiye da digiri 5 kafin ruwa ya dawo. Ko wace ƙa'ida ce take aiki a inda ginin yake, lambobi biyun da za ka riƙe su ne 60 a fita da 55 a dawowa, kuma 55 ɗin ana nemansa a ƙarshen kowane reshe na layin dawowa, wato bututun da ke mayar da ruwan zafin da ba a ja ba zuwa tanki.

Ni nakan saita tanki a kan 62 in yi lissafi ruwa ya dawo a kan 57, saboda na'urar da ke kunna hita da kashe ta tana da tazarar digiri ɗaya ko biyu, kuma wanda ya yi lissafi a kan 60 da 55 daidai wa daida zai yi rabin yini yana ƙasa da iyaka. Ban cika son a wuce 65 a aikin yau da kullum ba, domin idan ruwan mai yawan ma'adinai ne, farin dutse yana taruwa da sauri a kan hita, bututun jan ƙarfe kuma ya fi saurin cinyewa.

Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan sakanni, saboda haka ba a sakar wa majinyaci shi kai tsaye. Ana sa bawul mai gauraya zafi da sanyi daf da bakin famfo, a saita shi a kan 41 ga shawa da wurin wanke hannu, 44 ga bahon wanka. Abin da ya fito daga wannan bawul ya faɗa daidai zafin da ƙwayar take so, don haka guntun bututun da ke gaba da shi kada ya wuce mita biyu, kuma kada a yarda da bawul ɗaya babba a ƙofar sashe da zai riƙa rarraba ruwan ɗumi zuwa ɗakuna da yawa.

Yanzu ga tanki. Abin da ke tsayar da girmansa shi ne awar da aka fi jan ruwa, wadda a sashen kwanciya takan faɗo da safe lokacin wanka da gyaran gadaje. Lambobin da zan sa a nan misali ne na nuna hanya. Ka maye su da abin da ka auna da mita a wani gini mai kama da naka, ko da abin da shugabar ma'aikatan jinya ta gaya maka game da tsarin wankan sashenta, domin sashen haihuwa da sashen da rabin mutanensa ba sa iya tashi daga gado ba sa jan ruwa iri ɗaya. A ce ruwan sanyi yana shigowa a kan 15. Shawa mai zubar da lita 8 a minti, idan aka yi minti 6, ta ci lita 48 na gaurayayyen ruwa, amma ba dukansa ne ya fito daga tanki ba. Kason ruwan zafi shi ne 41 a cire 15, a raba da 60 a cire 15, wato 26 bisa 45, kusan kashi 58 cikin ɗari, saboda haka kowane wanka yana cin lita 28 daga tanki. Idan marasa lafiya 48 suka yi wanka a wannan awa, an ja lita 1,344. Wanke hannu sau 100 a kowane sashe, lita 3 kowane sau, ya ba da lita 1,200 na gauraye, wato kamar lita 700 na zafi. Ɗakin wanke kwanuka da na masu shara da na zubar da ƙazanta, waɗanda suke ɗaukar ruwan zafi ba gauraye, a ba su lita 110 a kowane sashe, 440 ke nan. Jimilla ta kusa lita 2,500 na ruwa mai digiri 60 a awa ɗaya.

Ana mayar da wannan zuwa ƙarfin hita da wannan lissafi, inda V yake lita, ΔT bambancin zafi, t kuma sakanni:

```
P (kW) = V × 4.19 × ΔT / t
P = 2500 × 4.19 × 45 / 3600 = 131 kW
```

Ma'anarsa ita ce da babu tanki sam, hita mai kilowat 131 ce za ta ɗauki awar, kuma duk litar da aka ajiye tana rage wannan nauyi. Sai dai ba duk abin da ke cikin tanki ne ake mora ba, domin ruwan sanyin da ke shigowa ta ƙasa yana cakuɗuwa da na sama. A tanki na tsaye mai kyakkyawar mashiga nakan ƙirga kashi 80 cikin ɗari, a kwantacce kuwa ƙasa da haka.

Gwada zanen ɗan kwangilar da wannan ma'auni. Tankinsa zai wuce awar safe lafiya, tunda yana da kamar lita 4,000 masu amfani, kuma wannan ne ya sa irin wannan zane yake ruɗar mutane, domin babu wanda zai yi ƙorafin rashin ruwan zafi. Matsalar tana bayan awar. Daga kilowat 30 ɗinsa, kamar 6 suna tafiya wajen rufe asarar zafin bututu, wadda zan zo kanta, saura 24. An cire kilowat-awa 131 daga tanki, hita ta mayar da 24 a cikin awar, ragowar 107 kuma za su ɗauki fiye da awa huɗu, ko da babu wanda ya ƙara buɗe famfo, abin da ba ya faruwa a asibiti. Duk tsawon wannan lokaci akwai dubban litoci a ƙasan tanki da tsakiyarsa suna hawa a hankali daga 20 zuwa 45, a daidai wurin da laka da tsatsa suke kwanciya. Idan aka zubar da tankin don wanki, ɗumama shi daga sanyi zai ci kusan awa tara, kuma tunda shi kaɗai ne, ginin ba shi da ruwan zafi har a gama.

Abin da zan nema a madadinsa shi ne tankuna biyu, kowanne lita 1,000, kowanne kuma da ƙarfin da zai riƙe ginin shi kaɗai idan an rufe ɗan'uwansa. Tanki ɗaya yana ba da lita 800 daga ajiya, saura 1,700 da hita za ta ɗumama a cikin awar, wanda ya kama kilowat 89. A ƙara 6 na bututu ya zama 95, sai a ɗauki 100. Da wannan ƙarfi tankin yana tashi daga 15 zuwa 60 cikin kusan rabin awa. Ya rage a duba gajeren matsi, domin awa tana ɓoye minti goman da kowa ya buɗe famfo lokaci ɗaya. A ce shawa 12 suna aiki tare, kowace tana jan lita 4.6 na zafi a minti, wato 55, sauran famfuna kuma 25, jimilla lita 80 a minti. Cikin minti goma an ja lita 800, hita ta ba da kamar 280, ajiya ta ba da 520, kuma tana da 800, don haka an tsira. Idan wutar da ke akwai ko tukunyar ɗumama ba za ta iya ba da kilowat 100 ba, ana iya ƙara ajiya a rage hita, amma ni ba na yarda lokacin ɗumama tanki daga sanyi ya wuce awa biyu.

Tankunan biyu su riƙa aiki tare kullum, a haɗa su yadda ruwa zai ratsa su daidai. Tankin da aka rufe aka bari cike ana jiran ranar buƙata ya fi kowane wuri a ginin haɗari. Kowanne kuma a sa masa ƙaramin injin da zai kwaso ruwa daga sama ya tura ƙasa na awa ɗaya a kowace rana, a lokacin da ba a jan ruwa sosai kamar tsakar dare, domin dukan tankin har gindinsa ya kai 60. A bar masa ƙofar shiga don dubawa, da bawul na zubarwa a can ƙasa mai faɗin da laka za ta iya fita, da ma'aunin zafi a sama da ƙasa.

Layin dawowa shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma faɗin bututu ba shi da abin da zai gaya maka game da girman inji. Aikin injin guda ɗaya ne: ya zagaya da ruwa gwargwadon da zai maye zafin da bututu ke zubarwa ta jikinsa lokacin da duk famfuna suke rufe. Saboda haka ana farawa da awon tsawon bututu daga zane. A ce layin tafiya mita 320 ne, yana asarar wat 10 a kowace mita bayan an naɗe shi da abin hana zafi fita, layin dawowa kuma mita 280 a kan wat 7, tunda ya fi siranta. Wannan ya ba da wat 3,200 da 1,960, jimilla 5,160. Nakan ƙara kashi 20 cikin ɗari saboda bawuloli da maƙalai da gwiwoyin da masu naɗi suke bari tsirara, sai ya zama kilowat 6.2. Ainihin asarar kowace mita ka ɗauko ta daga takardar kamfanin da ya yi abin naɗin, bisa kaurinsa da zafin wurin da bututun ya bi. A lissafin da ke biye, Q ita ce wannan asara da kilowat, q kuma ruwan da injin zai zagaya da shi.

```
q (L/s) = Q / (4.19 × ΔT)
q = 6.2 / (4.19 × 5) = 0.30 L/s
```

Lita 0.3 a sakan, wato kamar lita 18 a minti, shi ne duk abin da ginin yake buƙata, kuma mutane da yawa suna mamakin ƙanƙantarsa. Da shi ake zaɓar faɗin babban bututun dawowa. A bututun jan ƙarfe mai milimita 22 wannan ruwa zai yi gudun kusan mita 0.9 a sakan, a mai 28 kamar 0.56, a mai 35 kamar 0.36. Tunda ruwan mai zafi ne kuma ba ya tsayawa dare da rana, nakan tsaya kusa da rabin mita a sakan, don haka 28 ko 35 zan ɗauka. Idan gudu ya yi yawa, ruwan yana goge siririn ɓawon da ke kare cikin jan ƙarfe, kuma za ka gane shi da ƙananan hudoji da ke fitowa daf da bayan gwiwoyi a layin dawowa, bayan 'yan shekaru, alhali layin tafiya lafiyarsa ƙalau.

Rabon wannan ruwa tsakanin sassa huɗun ba daidai wa daida ba ne, ko da bututunsu tsawo ɗaya ne. A ce kowane sashe yana asarar kilowat 1.1, sauran 1.8 kuma na manyan layuka ne. Sashen da ke kusa da tanki yana karɓar ruwa a kan kamar 61.7 kuma yana iya sakinsa a kan 57.2, wato yana da tazarar digiri 4.5, saboda haka lita 0.058 a sakan ta ishe shi. Na can ƙarshe yana karɓa a kan 60.5, domin ruwan ya riga ya huce a hanya, kuma dole ya sake shi a kan 57.5 saboda doguwar tafiyar da ke gabansa ta komawa. Tazararsa digiri 3 ce kacal, don haka yana buƙatar lita 0.088. Sashen da ya fi buƙata shi ne kuma wanda ruwa ya fi ƙin zuwa, tunda ruwa yana bin hanyar da ta fi sauƙi. Maganin shi ne bawul na daidaitawa a ƙarshen kowane reshe, wanda zai matse na kusa ya tilasta ruwa ya kai na nesa. Akwai wanda ake saitawa da hannu a lokacin gwajin miƙa aiki, akwai kuma mai aiki da zafi, wanda yake buɗewa da kansa idan ruwan ya huce. Na biyun ya fi dacewa da ginin da ake yawan yi wa sauye-sauye, amma ka tabbatar irin wanda yake sake buɗewa ne idan an ɗaga zafi zuwa 70 don kashe ƙwayoyi, in ba haka ba zai rufe a daidai lokacin da ake son ruwa ya ratsa shi.

Ƙarfin turawar injin ana fitar da shi daga hanya mafi wahala kaɗai, wato daga tanki zuwa sashen ƙarshe da dawowa. Tsayin gini ba ya shiga lissafi, domin da'ira ce rufaffiya cike da ruwa, abin da ya hau ta wannan gefe yana sauka ta wancan. Idan dawowar mita 130 ce a kan faskal 140 a kowace mita, an sami kilofaskal 18. Da ƙarin kashi 30 cikin ɗari na gwiwoyi da mahaɗai ya kusa 24. Layin tafiya, da yake mai faɗi ne kuma ruwan zagaye kaɗan ne, bai wuce 2 ba. Bawul na daidaitawa a ba shi 10, bawul mai hana komawa baya da tankin kansa 8. Jimilla kamar kilofaskal 45, wato mita 4.5 na ruwa. Injin da za ka nema ke nan: lita 0.3 a sakan a kan mita 4.5, jikinsa na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, yana aiki awa 24 ba tare da agogon kashewa da dare ba. Idan an sa biyu, su riƙa karɓar juna duk bayan 'yan awanni, domin wanda ke tsaye ruwa yana kwana a cikinsa. Wasu sun fi son inji ɗaya a layi da wani busasshe a ajiye a kan kanta, kuma ina ganin hujjarsu.

Ranar karɓar aiki, kada ka gamsu da ma'aunin da ke bakin tanki a layin dawowa, domin abin da yake nunawa gaurayen dukan rassa ne. Idan sassa uku na kusa suka kwashe lita 0.27 a sakan suna dawo da shi a kan 57.5, na ƙarshe kuma ya samu 0.03 kacal yana dawowa a kan 44, ma'aunin zai nuna 56, kowa ya sa hannu ya tafi, alhali gadaje 30 suna kan layin da ƙwayar ke hayayyafa a cikinsa. Ka sa a auna kowane reshe daban, da ma'aunin da ake mannawa a jikin bututu a ƙarƙashin naɗi, da sassafe kafin a fara jan ruwa, domin jan ruwa yana ɗumama layin tafiya ya ɓoye laifin. Idan reshe ɗaya ya yi sanyi, ƙara girman inji ba ya gyara shi, sai dai ya ƙara gudu a rassan kusa. A fara duba saitin bawuloli, da iskar da ta maƙale a saman layi, da matatar da ta toshe. Idan kuma zafin reshe yana hawa yana sauka ba dalili, ko famfon sanyi yana fitar da ɗumi, yawanci bawul mai hana komawa baya ne a jikin wani bawul mai gauraya ya lalace, ruwan sanyi da na zafi suna ƙetarawa cikin juna. Rufe bawulolin ɗaya bayan ɗaya kana kallon ma'auni zai nuna maka mai laifin.

Duba zanen kuma ka ga inda layin zagaye ya tsaya. Ya kamata ya shiga cikin sashe ya bi ta bayan ɗakunan wanka, yadda guntun da ke tsakaninsa da bakin famfo ba zai wuce kamar mita uku ba. Jamusawa suna auna wannan da yawan ruwa, suna cewa kada guntun ya riƙe fiye da lita 3. Bututun sanyi a raba shi da na zafi, a naɗe shi shi ma, a sa shi ƙasa idan suna tafiya a kwance, domin a rufaffen silin ruwan sanyin da ya tsaya yana iya haura 25 cikin 'yan awanni. Duk ɗakin wankan da ma'aikata suka ce ba za a riƙa amfani da shi kullum ba, gara a cire shi daga zane tun yanzu, tare da bututunsa har zuwa inda ya rabu da babban layi, domin in an gina shi sai an sa mutum ya riƙa sakin ruwansa aƙalla sau biyu a mako yana rubutawa.